Kafin a yanka ƙyalle sai an auna mai riga

*Tambaya daga wani ɗan'uwa a Birnin Kebbi: "Assalamu alaikum Malam. Don Allah a tsara mini yadda zan riƙa kashe kuɗina. Kuɗi ba sa zama a hannuna, tun kafin wata ya raba tsakiya na fara neman rance. Ina son in fara ajiya amma na rasa ta inda zan kama."*

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya buɗa mana, ya sa albarka a abin da muke samu. Na yi shekaru ina riƙe da littafin kuɗi na wata ƙungiyar gama kai ta ma'aikata a nan jihar Kebbi, kuma kusan duk wanda ya zauna a gabana da irin wannan damuwa haka yake zuwa, da kukan a bakinsa amma babu lamba ko ɗaya a hannunsa. Ba laifi ba ne. Wani kunya ce ke hana shi faɗin albashinsa, wani tsoron baki yake yi, amma mafi yawa shi kansa bai taɓa zama ya haɗa lissafin ba.

Sai dai tela ba ya yanka shadda bai auna mai riga ba. In na ce maka ka ware naira 40,000 don abinci, wataƙila duk abin da kake samu a wata bai kai haka ba, wataƙila kuma cefanen gidanka na mako biyu ne. Akwai wani tsari da ke yawo a waya, wai rabin kuɗinka ya tafi ga larura, kashi 30 cikin ɗari ga jin daɗi, kashi 20 ga ajiya. Ni ba na ba kowa shi. An ƙirƙire shi ne don mutumin da abinci ba ya cinye masa rabin albashi, wanda babu mahaifiya a ƙauye da ke jiran aikensa, babu ƙannen da ke kansa. A gidajen da na gani, tukunya kaɗai takan haura rabin. Wanda ya ɗauki wannan tsarin yakan gaza tun makon farko, sai ya yanke cewa shi ne ba ya iya riƙe kuɗi, alhali rigar ce ba tasa ba.

Saboda haka abin da zan ba ka shi ne yadda za ka fito da awonka da kanka: abin da ke shigowa, abin da ke fita, bashin da ke kanka, da abin da kake son tarawa dominsa. Zan bi da kai ta labarin wani malamin firamare daga wajen Jega da muka yi wannan aikin tare, don ka ga yadda lambobin ke fitowa.

Abin da ke shigowa

Ga mai albashi wannan da sauƙi, amma a nan ma ana kuskure. Albashinka ba shi ne adadin da ke takardar ɗaukar aiki ba, shi ne abin da ya faɗo asusunka bayan an cire haraji, kuɗin ƙungiya da duk wani rance da ake yankewa daga sama. Buɗe saƙonnin alat na wata uku da suka wuce ka duba. Malamin nan namu naira 92,000 ke shigo masa.

In kuwa sana'a kake yi, ko kabu-kabu, ko tireda, ko ɗinki, to kada ka yi lissafi da watan da kasuwa ta yi kyau. Duba wata shida baya, ka ɗauki wanda ya fi kowanne rauni, a kansa za ka gina gida. Abin da ya ɗaru a watan albarka rara ce, tana da nata wurin. Kuma ciniki daban, riba daban. Mai shagon da ya sayar da kayan naira 30,000 a yini bai samu naira 30,000 ba.

Inda aka fi ruɗewa a ƙasarmu shi ne gona. Malamin yana da fadama, yana noman rani na shinkafa. Da na tambaye shi nawa gonar ke kawo masa, bai ko yi jinkiri ba ya ce dubu ɗari takwas, don ya samu buhu 20 na shanshera, kowane buhu a lokacin yana naira 40,000. Sai muka zauna muka warware. Buhu ɗaya zakka ne, tunda noman da aka shayar da inji ɗaya cikin ashirin ake fitarwa, ba ɗaya cikin goma ba kamar na damina. Buhu biyar sun shiga ɗaki don ci. Saura 14 ya sayar, ya karɓi naira 560,000. Da muka tara kuɗin iri, taki, man injin ban ruwa, masu dashe, masu yanka da masu bugu, sai ga naira 430,000. Ribar da ta rage a hannu naira 130,000 ce a shekara, ban da shinkafar ci. Ya daɗe yana kallon takardar bai ce komai ba. Shekara da shekaru yana kashe kuɗi da zuciyar mai dubu ɗari takwas.

Littafin kwana talatin

Wannan shi ne aikin da ya fi kowanne nauyi, kuma babu hanyar kewaye shi. Sayi ƙaramin littafi irin na 'yan makaranta, ka sa shi a aljihu ko ƙarƙashin matashi. Kowane dare bayan isha'i ka rubuta kwanan wata, abin da ka saya, da nawa. Komai da komai, har naira hamsin ɗin ruwan leda da ɗari biyun da ka miƙa wa yaron maƙwabci. Abin da ka karɓo bashi a shago ma ka rubuta shi a ranar da ka karɓa, ba ranar da ka biya ba, domin a ranar aka ci shi. In kana da iyali, uwargida ta riƙe nata shafin na cefane. Ta fi ka sanin inda kuɗin manja da magi ke tafiya, kuma tsarin da aka yi ba da ita ba ba ya kwana biyu.

Sharaɗi ɗaya nake kafawa: a wannan watan kada ka canza komai. Ka ci yadda ka saba, ka kashe yadda ka saba. Mutane da dama da zarar sun fara rubutu sai su ɗaure ciki don littafin ya yi kyau, sai a ƙarshe a samu lissafin wani mutum daban wanda ba zai iya rayuwa haka wata biyu ba. Likita ciwon yake son gani kafin ya rubuta magani.

Akwai hanyar gane ko littafin na faɗin gaskiya. Ranar Juma'a ka ƙirga abin da ke aljihunka da na asusu. Abin da kake da shi Juma'ar da ta wuce, a haɗa da abin da ya shigo, a cire abin da ka rubuta ka kashe da kuɗi hannu, ya kamata ya yi daidai da abin da ya rage. In an samu giɓin dubu ɗaya ko biyu, rubuta shi da sunan "ban tuna ba", ka ci gaba. In giɓin ya kai dubu biyar a mako, akwai wata ƙofa da kake ƙin rubutawa, kuma yawanci mutum ya san ta.

Kafin malamin ya fara, na sa ya ƙiyasta da ka. Ya lissafo abinci, man mashin, hidimar makarantar yara da abin da yake aika wa mahaifiyarsa, ya ce duka naira 73,000. A lissafinsa kenan ya kamata dubu 19 su riƙa ragowa duk wata, shi ya sa yake ta mamakin ina suke shiga. Bayan kwana talatin ya dawo da littafin, bangon duk ya yi laushi da zufa. Waɗannan abubuwa huɗun da ya ambata ba 73,000 suka ci ba, 83,300 ne, abinci kaɗai ya ɗauki 51,000. Sannan ga wasu da bai sa a lissafi ba sam: gudummawar biki da suna da ta'aziyya 9,500, shayi da goro da tsire a majalisa 6,900, kati da data 6,200, maganin kemis 4,300, cajin masu POS 1,800. Waɗannan sun tashi 28,700. Jimilla yana kashe naira 112,000 a kan albashin 92,000. Ba rarar dubu 19 gare shi ba, ramin dubu 20 yake haƙawa kowane wata, kuɗin shinkafa da rance ne ke cike shi. Har jarin gonar ya fara taɓawa, shi ya sa takin da yake zubawa kowace shekara raguwa yake yi.

Wata shawara a nan. Kusa da kuɗin, ka riƙa rubuta yawan abin: tiya nawa ta masara, lita nawa ta fetur, kwalba nawa ta mai. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 farashi bai zauna wuri ɗaya ba, kasafin da aka rubuta da naira kaɗai yakan tsufa cikin 'yan watanni. Amma in ka san gidanka tiya kaza yake ci a wata, duk yadda kasuwa ta juya za ka sake lissafi cikin minti biyar, kuma za ka bambance tsakanin tsada ce ta ƙaru ko hannu ne ya buɗe.

Littafin wata ɗaya yana da makanta guda: ba ya ganin hidimar da ke zuwa sau ɗaya ko sau uku a shekara. Haya, kayan Sallah, ƙarin cefanen azumi, kuɗin zangon makaranta, layya ga mai hali. Waɗannan ba ba-zata ba ne, kowa ya san ranarsu, amma kullum kamar daga sama suke faɗowa. Ka ware musu shafi, ka tara, ka raba gida goma sha biyu. Malamin gidan gado yake zaune, babu haya a kansa, nasa sun tashi naira 116,000. Muka yanke cewa ribar gona, wato 130,000 ɗin nan, ita za ta ɗauki wannan nauyin, ba za ta ƙara shiga cefanen yau da kullum ba. Ranar da aka sayar da shinkafa kuma, jarin noma mai zuwa ake fara cirewa kafin a taɓa ko sisi.

Bashi

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, saboda haka ba abin ɓoyewa ba ne tsakaninka da takardarka. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi. Rubuta sunan mai shi, nawa ne, yaushe aka yi alkawarin biya, da abin da zai faru in ba a biya ba.

Da na tambayi malamin, mai shagon unguwarsu kaɗai ya ambata, naira 38,000. Sai da na bi da tambaya sannan na abokin aikinsa ya fito, 25,000. Daga ƙarshe, murya ƙasa-ƙasa, ya ce akwai kuɗin akuyar matarsa da na adashinta da ya karɓa zai mayar, 60,000. Wannan na ƙarshen maza da yawa ba sa ƙirga shi a bashi don ba a zuwa ƙofar gida a yi musu sallama a kansa. Bashi ne, dukiyarta ce, kuma shi ne ke cin amana a cikin gida a hankali. Duka dai 123,000.

Abu biyu kuma mutane ke mantawa. Na farko adashi: in ba ka kwasa ba tukuna, zubin da kake yi ajiya ce, amma in ka riga ka kwasa, duk zubin da ya rage bashi ne a wuyanka. Na biyu kuɗin da manomi ke karɓa hannun dillali a tsakiyar aiki, a kan zai biya da buhu in an yi girbi. Na ga wanda ya karɓi naira 60,000 a kan buhu biyu, ranar biya buhunan suna 80,000. Hukuncin irin wannan ciniki na malaman fiƙihu ne. Ta fuskar lissafi dai, ya ba da ƙarin ɗaya bisa uku a kan abin da ya karɓa a cikin wata uku, ya kamata ya san haka kafin ya miƙa hannu.

Wanne ake fara biya? In akwai mai ƙaruwa da kwanaki, kamar rancen manhajojin waya, shi ne farko ko da shi ne ƙarami, kuma a daina taɓa shi. In babu, sai wanda ke riƙe da maƙogwaron albashi. A wurin malamin bashin shago ne. Albashi na shigowa zai kai wa mai shago kusan dubu arba'in, kafin goma ga wata hannu ya bushe, sai ya koma karɓa a littafi, a farashin ƙulli-ƙulli wanda ya fi na kasuwa tsada. Kullum yana cin albashin watan da bai zo ba. Muka je tare wajen mai shagon bayan la'asar, aka yi magana ta mutunci: a tsayar da littafin a 38,000, zai riƙa kawo 10,000 duk wata, abin da zai saya daga yau kuma kuɗi hannu. Mai shagon bai yi gardama ba, don shi ma ya fi son kuɗin da ya san ranar zuwansa.

Yadda kasafin ya fito

Sai a nan ne aka zo ga abin da ka nema, kuma ka ga da lambobi a hannu aikin ba shi da tsawo. Ba mu taɓa na mahaifiya ba, ba mu taɓa magani da makarantar yara ba. Majalisa ta sauko zuwa 2,000, ba mu kashe ta gaba ɗaya ba don mutum ba ya rayuwa ba mutane. Data ta koma 3,500. Cirar kuɗi ta koma sau ɗaya a mako maimakon kullum, caji ya sauko zuwa 600. Gudummawa aka yanka mata 5,000 a ambulan, in ta ƙare sai a je da ƙafa da addu'a. Man mashin ya koma 11,000. Abinci ya sauko 44,000, ba don an rage tuwo ba, sai don ana auno hatsi da mai a kasuwa farkon wata. Duka aka rage 23,800, kashewa ta koma 88,200.

Ka lura da abin da ya rage: naira 3,800 kacal. Bayan duk wannan ɗaurin. Ina faɗa maka wannan ne don kada wani ya ruɗe ka cewa tsari na haifar da kuɗi. Kasafi yana toshe yoyo, yana nuna maka girman ramin, amma in abin da ke shigowa bai kai larura ba, babu dabarar rubutu da za ta cike shi. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, mai iyali shida a kan irin wannan kuɗin ba almubazzaranci ne matsalarsa ba. A irin wannan hali amsar tana wajen ƙarin abin shiga. Malamin ya fara koyar da yaran maƙwabta lissafi da yamma, yana samun 12,000. Da ita rarar ta zama 15,800: dubu goma ga bashi, dubu biyar ajiya, sauran canjin a bar shi don abin da ba a rasa ba. A haka bashin 123,000 wata goma sha uku zai ɗauka, na shago ya fara fita, sai na abokin aiki, sai na uwargida, wadda aka gaya mata watan da nata zai fara aka kuma rubuta.

A wata na biyar ƙaramin ɗansa ya kwanta da zazzaɓin cizon sauro har aka ba shi gado. Dubu ashirin ɗin da aka tara ta tafi gaba ɗaya. Ya zo mini ransa a ɓace, wai ajiyar ta rushe. Na ce masa ya tuna bara in haka ta faru ƙofar wa zai buga. Wannan karon bai ranci ko naira ba, kuma biyan bashi bai tsaya ba.

Ajiya don me?

Ka ce kana son fara ajiya. Ajiyar da ba ta da suna, duk wanda ya zo da kuka shi ke tafiya da ita, har kai kanka. Ta farko sunanta "ko-ta-kwana", a tara ta har ta kai cefanen gida na wata ɗaya, a ajiye ta inda hannu ba ya kaiwa da sauƙi, kamar asusun da ba ka yawo da katinsa. A cire ta ranar da kuɗi suka shigo, don abin da aka ce sai ƙarshen wata ba ya ganin ƙarshen wata.

Bayan ita sai buri, kuma buri sai da adadi da rana. In mashin ne ko aure ko fili, je ka tambayo farashinsa na yau, ka raba da abin da kake iya warewa, ka ga wata nawa ne. In lissafin ya ba ka shekara huɗu, ka sani farashin ba zai jira ka ba. A nan gara a riƙa mayar da kuɗin kayan da ake nufi kaɗan-kaɗan, kwanon rufi ko kayan lefe, ko a shiga adashi da mutanen da aka sani a karɓi kwasar kusa da lokacin buƙata. Masu sayen tunkiya ko buhun hatsi don ajiya suna da hujja, sai dai dabba na ciwo ana kuma sace ta, hatsi yana ƙwari, farashinsa ma yakan faɗo. Kada a zuba duka a wuri ɗaya.

Daga yau zuwa cikar kwana talatin ɗin, abu ɗaya kawai za ka canza: kada ka buɗe sabon bashi sai na ciwo ko na abinci. In littafin ya cika ka sake rubuto mini. Ba sai ka faɗi sunanka ko wurin aikinka ba. In ma adadin albashin ne ba ka son bayyanawa, ka ce mini cikin kowace naira ɗari da ke shigowa, kaza ke tafiya abinci, kaza mai, kaza bashi. Ka haɗa da yawan mutanen da kake ciyarwa, ko gidan haya kake, ko kana noma, da abu ɗaya da kake son ka ga ka mallaka nan da Sallah babba mai zuwa. Da waɗannan za mu zauna mu yanka maka taka rigar.